Maganar Wa Ce, Kuma a Wane Shafi Take?

(Taken shiri, sannan a sassauta shi)

Shirinmu na yau na ɗalibai ne masu rubuta jinga ko kundin kammala karatu, da malaman da ke duba musu aiki, da duk wanda ke rubuta muƙala yana kafa hujja da littafi. Za mu duba yadda ake tsamo maganar marubuci daga shafukan littafin da aka ɗauki hotonsu da waya, a haɗa ta da lambar shafinta, ta yadda idan an sa ta a muƙala wani zai iya bin sawu ya same ta a inda aka ce tana nan.

Duk wanda ya shiga babban ɗakin karatu, irin na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Gidan Arewa a Kaduna, ya san akwai littattafan da ba a ba da aronsu. A nan za ka karanta, a nan za ka bar su. A da sai mutum ya zauna da biro da takarda ya yi ta kwafa har yatsu su ƙage. Yanzu kuwa waya ake cirowa, ƙyas, ƙyas, kafin a kira la'asar an ɗauki shafi hamsin. Wannan sauƙi ne, ba laifi a ciki, matuƙar an nemi izinin ma'aikatan wurin, don akwai wuraren da ba a yarda da ɗaukar hoto ba, musamman ɓangaren tsofaffin takardu. Matsalar tana ɓullowa ne bayan makonni, ranar da aka zauna rubutu. Ga maganar nan ɓaro-ɓaro a hoto, ta dace da abin da ake son faɗa, amma kusurwar da lambar shafi take ba ta shiga hoton ba. Wani lokaci ma ba a tuna daga wane littafi hoton ya fito.

Malamanmu na hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi, wane ya ji daga wane. A rubutun ilmi na boko, sunan marubuci da shekarar bugu da lambar shafi su ne isnadin. Tsarin APA, wanda sassa da yawa a jami'o'inmu ke bi, ya ce duk maganar da ka ɗauko kalma da kalma sai ka kawo waɗannan ukun. Abin da nake so mu riƙe yau shi ne, lambar shafi a ɗakin karatu ake samunta, lokacin da littafin ke hannunka, kuma lambar da aka buga a jikin takardar ita kaɗai ce lamba. Duk wata lamba da waya ko kwamfuta ta nuna maka, tata ce, ba ta littafin ba.

Bari mu bi wata ɗaliba a matsayin misali. Mu ce tana aji huɗu a sashen Hausa, tana rubutu a kan Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. Tana bukatar littafin kansa, tana kuma bukatar wani littafin nazari da ya yi sharhi a kansa.

Kafin ta ɗauki ko shafi ɗaya na abin da take nema, akwai hotuna uku da za ta fara da su. Na farko bangon littafin. Na biyu shafin da ke ɗauke da cikakken suna da sunan marubuci. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, bayan wannan shafin, inda ake buga ƙananan rubutu: maɗaba'a, da gari, da shekarar bugun farko, da jerin shekarun da aka sake bugawa. Waɗannan hotuna suna aiki biyu. Su ne za su ba ta abin da za ta rubuta a jerin manazarta, kuma su ne shinge a cikin wayar, don duk hoton da ya biyo bayansu na wannan littafin ne, har sai an ga wani bangon.

Me ya sa na nace a kan shafin ƙananan rubutun nan? Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937, kuma tun daga lokacin ake ta sake buga shi. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda sunansa ke jikin kofen da mafi yawanmu muka karanta a makaranta, sai a 1966 aka kafa shi. To idan ɗalibarmu ta rubuta Imam, 1937, NNPC, ta haɗa abin da bai haɗu ba, kuma malamin da ya san harkar zai gane cewa ba ta duba ba. Sannan idan maɗaba'a ta sake tsara littafi da sabon girman haruffa, shafuka sukan gusa. Labarin da ke wani shafi a tsohon bugu yana iya komawa gaba ko baya a sabo. Lambar shafi ba ta da amfani sai an san na wane bugu ce. Ga kuma wani abu: Magana Jari Ce littattafai uku ne, kowanne da nasa lissafin shafi. Wanda ya rubuta shafi na 20 bai faɗi na ɗaya ne ko na biyu ko na uku ba, ya bar mai karatu da wuri uku.

Yanzu sai ɗaukar shafukan. A nan ƙananan abubuwa ne ke ɓata aiki. Littafi mai kauri ba ya son buɗuwa, sai a sa babban yatsa a danne kusurwa, kuma a kusurwar nan ne lambar take. Ko a matso da waya sosai don rubutu ya fito, sai sama da ƙasan shafin su fita daga hoto. Ja da baya kaɗan, ka bar gefunan takardar huɗu su shigo. Shafi ɗaya a hoto ɗaya ya fi, don idan ka haɗa biyu, kalmomin da ke kusa da ɗinkin littafi sukan lanƙwashe su shige ciki, su ne kuma ƙarshen layin shafin hagu da farkon layin shafin dama. Ka tsaya ta yadda inuwarka da ta wayar ba za su faɗa kan takarda ba. Idan takardar mai sheƙi ce, kashe filasha, don takan bar farin tabo a tsakiyar rubutu. Kafin ka mayar da littafin kan kanta, zauna ka buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara girmansu, ka tabbata kana iya karanta lambar kowanne. Minti biyar ne, amma ya fi kuɗin motar komawa Zariya daga Gusau.

Akwai shafukan da ba a buga musu lamba ba ko kaɗan, galibi shafin da babi ya fara. Lambar tana nan a lissafi, ba a dai nuna ta ba. Duba maƙwabcinsa: idan na gaba 38 ne, wannan 37 ne. Sai ka rubuta 37 a 'yar guntuwar takarda, ka ɗora a gefen shafin inda ba rubutu, ka ɗauke su tare. A littattafan boko, shafin hannun dama shi ke ɗaukar lambar da ba ta rabuwa biyu, wato 1, 3, 5, na hagu kuma 2, 4, 6. Don haka idan lissafinka ya nuna shafin dama 42 ne, ka san akwai kuskure a wani wuri. Littattafan Larabci da na ajami da aka buga akasin haka suke, don daga dama ake buɗe su. Masu aiki da su kuma su kula da alkaluman Larabci idan hoto ya dusashe: biyu da uku bambancinsu haƙori ɗaya ne a sama, biyar da'ira ce mai kama da sifilin boko, sifilin kuwa ɗigo ne da za a iya ɗauka datti ne a jikin takarda.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka buɗe akwatunanku, muna magana ne a kan tsamo maganar marubuci daga hotunan shafukan littafi tare da lambar shafi.

Mu koma wajen ɗalibarmu. Littafin nazarin nan ba ita ta ɗauki hotonsa ba. Wani ɗan ajinsu ne ya ɗauke shi tun daga bango har ƙarshe, ya haɗa hotunan a fayil ɗaya na PDF, ya tura musu. Ta buɗe, ta sami maganar da take so, ta dubi saman waya ta ga 57, ta rubuta shafi na 57. Ba shafi na 57 ba ne. Wayar tana ƙirga hotuna ne, har da bango. A wannan fayil, bango hoto ɗaya ne, farar takardar bayansa ɗaya, sannan shafuka 12 na sadaukarwa da godiya da gabatarwa, waɗanda aka yi wa lambobin Rumawa. Jimla 14 ke nan. Shafi na 1 na ainihin littafin shi ne hoto na 15. Saboda haka hoto na 57 shafi na 43 ne.

To, ɗaliba mai wayo za ta ce, shi ke nan, kullum sai in cire 14. A nan wayon zai ci ta. Mu ce a tsakiyar littafin an sa shafuka 8 na hotunan mutane da wurare a takarda mai sheƙi, waɗanda ba su cikin lissafin shafuka, kamar yadda ake yi a littattafan tarihi da na tarihin rayuwa. Daga nan tazarar ta koma 22. Hoto na 120 shafi na 98 ne, amma mai cire 14 za ta rubuta 106. Haka nan idan ɗan ajin nasu ya tsallake shafi biyu da suka manne da juna, ko ya ɗauki shafi ɗaya sau biyu don na farkon bai fito ba, tazarar ta sake canjawa, kuma ba abin da zai sanar da ita. Lissafin tazara yana taimakawa wajen gano inda za a leƙa. Lambar da za a rubuta kuwa sai an gan ta da ido a jikin shafin. Idan maganar a gabatarwa take, da lambar Rumawan za a kawo ta yadda take, don shafi na 9 na Rumawa daban, shafi na 9 na cikin littafi daban.

Wani abu a gurguje. Hotunan da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse su don su yi sauƙin tafiya, sai ƙananan rubutu su dusashe, har a kasa bambance 3 da 8. A tura su a matsayin fayil, ta inda aka rubuta Document, sai su isa yadda aka ɗauke su.

Yanzu mun zo kan kwafewa, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Shawarata ita ce kowace magana ta sami gurbinta, ko a kati, ko a rabin shafin littafin rubutu, ko a layi ɗaya na jadawali a kwamfuta. A fara rubuta sunan marubuci da shekara da lambar shafi a sama, kafin a kwafi ko kalma ɗaya. Wanda ya ce bari in gama kwafa sannan in sa lamba, shi ne wanda za a ɗauke wa wuta ko a kira shi a waya, ya dawo ya manta. Bayan lambar sai maganar, a cikin alamar zance. A ƙasa sai sunan hoton da ta fito, wanda yawanci yakan fara da IMG da jerin lambobi, don a iya komawa gare shi ba tare da laluben hotuna ɗari uku ba, tsakanin na biki da na suna.

Abu uku ne ke shiga irin wannan kati, kuma dole a raba su tun a ranar: kalmomin marubucin kansa, da taƙaitawar da ka yi wa ra'ayinsa da naka kalmomin, da naka ra'ayin a kan abin da ya ce. Na farko a alamar zance. Na biyu ba alamar zance, amma da lambar shafi. Na uku ka sa masa wata alama taka, ko ka rubuta shi da jan biro. A ganina, da yawa daga abin da ake kamawa a kira satar fasaha a nan yake farawa, ba da niyyar sata ba. Mutum ya kwafi jimla ba alama, bayan wata biyu ya karanta ta, ta yi masa daɗi, ya ɗauka shi ya tsara ta.

Da yawa yanzu ba su kwafa da hannu, suna amfani da manhajar da ke ciro rubutu daga hoto. Tana rage wahala, amma mai aiki da Hausa ya yi hattara. Haruffanmu masu lanƙwasa sukan rasa lanƙwasarsu, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, kuma ba abin da zai ja musu jan layi tunda duka kalmomi ne. Kalmar da aka raba a ƙarshen layi da karan ɗori takan fito gida biyu. Sunan babi da ake bugawa a saman kowane shafi yakan faɗo cikin jimla, haka ma bayanin ƙasan shafi. Littafi mai rubutu a ginshiƙi biyu, kamar ƙamusun Bargery na 1934, manhajar tana iya karanta shi a miƙe, ta ɗinke layin hagu da na dama. Maganin ɗaya ne: a ajiye hoton a gefe, a bi kalma da kalma. Idan da hali, mutum biyu, ɗaya na karanta hoton da ƙarfi har da waƙafi da aya, ɗaya na bin abin da aka kwafa.

Kuma kada a yi wa marubuci gyara a ɓoye. Tsofaffin littattafai sukan raba abin da muke haɗewa yanzu, su rubuta ya ke da su ke a matsayin kalmomi bibbiyu. Littafin da aka buga a Nijar zai rubuta 'ya'ya da harafin ya mai lanƙwasa, ba da ɗan waƙafin sama da aka saba a Nijeriya ba. A bar kowa da rubutunsa. Idan an cire wani yanki daga tsakiyar magana, a sa ɗigo uku a gurbinsa. Idan an ƙara kalma don a fahimta, a sa ta cikin baka mai kusurwa, don mai karatu ya san ba ta marubucin ba ce.

Ga kuskuren da ya fi duk waɗannan muni, kuma hoto ne ke jawo shi. Littafi a hannu, ido yakan zarce daga shafi zuwa shafi. Hoto kuwa yanke shafin yake yi, ya miƙo maka shi shi kaɗai. Ɗalibarmu ta buɗe shafi na 44, layin farko, ta ga jimla, wadda ni na tsara ta don misali, mai cewa marubutan farko kwaikwayon labaran Larabawa kawai suka yi. Ta kwafe, ta ce ra'ayin mai littafin ke nan. Da ta duba ƙarshen shafi na 43, da ta ga jimlar ta fara ne da cewa, ba daidai ba ne a ce. Ashe ra'ayin da marubucin ke rusawa ne ta rataya masa. Hausa ma ta fi saurin faɗawa wannan rami, don korewarmu gida biyu ce, ba a farko, ba a ƙarshe, kuma kowacce tana iya faɗawa wani shafin. Shi ya sa duk shafin da kake so, ka ɗauki na gabansa da na bayansa. Jimlar da ba ka ga babban harafin farkonta da ayar ƙarshenta ba, ba ka gama ganinta ba. Idan kuwa maganar ta haye shafi biyu, duka biyun za a kawo, 43 zuwa 44, kuma a kati a ja 'yar sanda a daidai inda shafin ya juya, don idan daga baya rabinta kawai aka ɗauka, a san lambar da ta dace.

Mai kama da wannan, sau da yawa maganar da ta burge ka a shafi ba ta mai littafin ba ce, shi ma ɗauko ta ya yi daga wani. Alamunta su ne alamar zance, ko sakin layin da aka tura ciki da ƙananan haruffa, ko 'yar lamba a ƙarshe mai kai ka bayanin ƙasa ko na ƙarshen babi. Ka bi lambar nan ka ɗauki hoton bayanin tun kana wurin. Idan ka sami asalin littafin, daga can za ka ɗauko. Idan ba ka samu ba, ka faɗi gaskiya: wane ya ce, kamar yadda wane ya ruwaito, a shekara kaza, shafi kaza. Lambar shafin ta littafin da ka gani ce. Ɗalibarmu, alal misali, idan ta ga an kawo maganar Imam a littafin nazarin, ba ta da uzuri, tunda Magana Jari Ce na hannunta: ta je ta nemo wurin da kanta, ta gwada su, don mai ruwaitowa ma yakan tsallake kalma.

Sanya maganar a muƙala shi ne mafi sauƙi idan katin ya cika. A tsarin APA, maganar da ba ta kai kalma 40 ba tana shiga cikin sakin layi da alamar zance, sunan marubuci da shekara da shafi su biyo a baka. Daga kalma 40 zuwa sama, sai a ware ta a nata sakin layin, a tura ta ciki, ba alamar zance. Wasu sassan suna da nasu tsarin, don haka a tambayi malamin da ke duba aikin tun da wuri. Bayan an gama buga muƙalar, a sake bin kowace magana a gwada ta da hoton, ba da katin ba, don kuskure kan shiga a kwafar farko, ya kuma shiga a wurin mai buga rubutu a shagon kwamfuta.

Kira na ga malamai masu duba kundi: idan ɗalibi ya kawo babi, ku zaɓi magana uku daga ciki, ku ce ya buɗe waya ya nuna muku shafin da lambarsa a jiki. Ku kuma masu ɗaukar hoton littafi kuna tura wa 'yan ajinku, Allah ya saka da alheri, amma ku haɗa da bango da shafin ƙananan rubutun nan, kuma ku janye yatsa daga kusurwa.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.